Idan Aka Sauya Takardar Sito, Me Za A Faɗa Wa Ma'aikata?

A shagunan sari na kayan masarufi, irin na Kasuwar Singa a Kano, kaya na iya shiga sito su fita sau da yawa kafin azahar. Mota ta sauke taliya, 'yan dako sun ɗauki sukari, yaron gaban shago ya shigo ya ɗebi sabulu. Abin da ke riƙe lissafin wannan zirga-zirga takarda ce guda, wadda wasu ke kira katin sito, wasu kuma takardar shige da ficen kaya. Duk mai shagon da kasuwancinsa ya ɗan bunƙasa, wata rana zai ga tsohuwar takardar ta gaza, ya sa a buga sabuwa. Matsalar da ake yawan samu ita ce a raba sabuwar takarda ga ma'aikata ba tare da an gaya musu komai ba, ko kuma a tara su a yi ta faɗa har kowa ya gaji, a watse babu wanda ya riƙe abin da zai yi gobe da safe. Bayan mako biyu sai ka tarar ana cike sabuwar takarda da tsohuwar ɗabi'a, gibi kuma yana nan inda yake.

Abin da ke hana haka 'yar gajeriyar sanarwa ce a rubuce, wadda ba ta wuce shafi ɗaya. Rubuta ta ya fi yadda ake zato wuya, domin sai wanda ya san inda kaya ke zurarewa zai iya taƙaita maganar ba tare da ya bar muhimmin abu ba.

Bari mu ɗauki misalin shagon sari mai sito ɗaya a baya da wurin sayarwa a gaba. Akwai mai kula da sito, yara biyu a gaba, da manaja da ke riƙe kuɗi da rasit. Tsohuwar takardarsu layi uku ce: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita. Ana rubuta kaya iri-iri a shafi ɗaya, a jere yadda suka zo. Sabuwar takardar ta ware wa kowane irin kaya shafinsa, ta raba gurbin kwali da gurbin ɗaiɗai, ta ƙara gurbin lambar rasit ko wayabil, gurbin dalilin fitar kaya, gurbin ragowa, da gurbin sa hannu. Ga irin sanarwar da ta dace manaja ya rubuta:

"Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'aikata. Daga ranar Litinin mai zuwa za mu fara aiki da sabuwar takardar sito. Ranar Lahadi bayan la'asar za mu ƙirga duk kayan da ke sito tare, abin da muka samu shi za a rubuta a layin farko. A kawo mini duk tsofaffin takardu a ranar, kada a sake rubutu a kansu.

"Abin da ya sauya: kowane kaya da shafinsa. Kwali da ɗaiɗai kowanne da gurbinsa. Duk layi sai da lambar rasit ko ta wayabil, da dalilin fitar kayan, da ragowa, da sa hannun wanda ya rubuta. Idan kaya suka shigo, a rubuta ranar ƙarewar wa'adinsu, kuma wanda wa'adinsa ya fi kusa shi za a fara fitarwa.

"Abin da muka daina: kaya ba za su fita ƙofar sito ba sai an rubuta, babu 'zan rubuta anjima'. Ba a kwafar adadin wayabil, abin da aka ƙirga shi ake rubutawa. Ba a goge kuskure, a ja masa layi ɗaya, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu. Aron kaya ga maƙwabta, kayan da suka lalace, da abin da za a kai gidan Alhaji, duk sai an rubuta su. Alhaji ya amince da haka, har da abin da shi kansa zai ɗauka.

"Mai kula da sito ne ke riƙe takardar. Idan ba ya nan, ni zan rubuta. Wanda bai gane wani gurbi ba ya tambaye ni kafin Litinin. Idan ƙirga ta saɓa da ragowa, a gaya mini a ranar, kada a gyara adadin. Allah ya sa wa kasuwa albarka."

Shi ke nan. Babu tarihin shago a ciki, babu wa'azi a kan riƙon amana, babu sunan wanda ake zargi. Amma kusan kowace jimla tana toshe wata kafa ta musamman, kuma yana da kyau a ga wace kafa ce.

Abu na farko da sanarwar ta kawo shi ne rana da ƙirga. Lissafin sito gaba ɗaya ya tsaya a kan ƙa'ida guda: abin da aka kwana da shi, a haɗa da abin da ya shigo, a cire abin da ya fita, shi ne ragowa. Idan adadin farko ba daidai ba ne, duk layin da ya biyo baya zai gaji kuskuren, ko da an rubuta shi da matuƙar kulawa. Masu shago da yawa sukan kwafo ragowar tsohon littafi su zuba a sabuwar takarda domin gudun wahalar ƙirga. Wanda ya yi haka ya ɗauko tsohon gibi ya ɗora wa sabon tsari, kuma ranar da gibin ya bayyana ba za a san ko na bara ba ne ko na jiya. Shi ya sa ake ƙirgawa a lokacin da ba a ciniki, mutum biyu aƙalla, ɗaya na ƙirga ɗaya na rubutu. Karɓe tsofaffin takardu ma ba ƙaramin abu ba ne. Muddin tsohuwa tana rataye a ƙusa, ranar da ciniki ya yi zafi hannu zai koma gare ta, sai a wayi gari rabin lissafin Talata yana nan rabi yana can.

Raba kwali da ɗaiɗai shi ne sauyin da ya fi kowanne amfani a irin wannan shago, kuma taliya ta isa misali. Kwalin taliya leda 20 ne. A tsohuwar takarda yaro zai rubuta "taliya 14", yana nufin leda 14. Manaja ya zo da daddare ya karanta kwali 14, wato leda 280. Nan take lissafi ya karkace da leda 266 ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Idan kuma akasin haka ya faru, aka fitar da kwali 14 aka ɗauke su a matsayin leda, takarda za ta nuna kayan da babu su a sito. Gurbi biyu kusa da juna, ɗaya an rubuta "kwali" a samansa ɗaya "ɗaiɗai", ya kashe wannan ruɗani, da sharaɗin a saman kowane shafi a rubuta guda nawa ne a kwali ɗaya, domin kwalin sabulu da na taliya ba adadi ɗaya suke ɗauka ba.

Mu bi shafin taliyar na yini guda. Ƙirgar Lahadi ta ba da kwali 46 da leda 8. Da hantsin Litinin mota ta zo da wayabil ɗauke da kwali 100, amma da aka sauke aka ƙirga sai aka samu 99. Mai kula da sito ya rubuta 99, ya rubuta a jikin wayabil ɗin cewa kwali ɗaya bai iso ba, direba ya sa hannu. Ragowa ta zama kwali 145 da leda 8. Wani mai shago daga ƙauye ya sari kwali 30, aka rubuta da lambar rasit. An kai kwali 5 gaban shago, dalili: mayarwa gaba. Ragowa kwali 110 da leda 8. Sai aka nemi leda 14, alhali ɗaiɗai 8 ne a buɗe, don haka aka fasa kwali ɗaya: ɗaiɗai sun zama 28, an cire 14, ragowa kwali 109 da leda 14. A cikin kwalin da aka fasa an tarar da leda 3 sun yage, taliyar ta kakkarye. An rubuta su a matsayin lalatattu, an ajiye su gefe domin manaja ya gani. Takarda ta tsaya a kwali 109 da leda 11.

Da yamma aka ƙirga, sai aka samu kwali 107 da leda 11. Kwali biyu sun yi ƙafa.

A tsohon tsari nan ake fara kallon-kallo, kowa na rantsuwa. Sabuwar takarda tana ba da wurin da za a fara dubawa, domin siffar gibi tana nuna asalinsa. Ɗaiɗai sun cika daidai, saboda haka ba daga buɗaɗɗen kwali ake zara ba. Cikakkun kwalaye ne suka fita, kuma a yinin sau biyu kawai aka fitar da cikakkun kwalaye. Sai a je gaban shago a duba ko 7 aka kai maimakon 5. Idan 5 ne, a kira wanda ya sari 30 a tambaye shi nawa ya sauke. Idan shi ma 30 ne, saura fitar da ba a rubuta ba, kuma a kasuwa galibi amsar ita ce maƙwabci ya aiko a ba shi kwali biyu ya cika wa mai sayensa, zai mayar idan motarsa ta iso. Cikin rabin sa'a an gano, domin yini ɗaya ake bincike, mutane kuma ba su manta ba. Da wata uku suka wuce, babu mai iya tunawa.

Akwai wasu alamomi da masu sito suka sani. Idan gibin ya yi daidai da bambancin wayabil da abin da aka sauke, an kwafi wayabil ne. Idan ɗaiɗai ke raguwa kaɗan-kaɗan kullum, a duba buɗaɗɗun kwalaye, a kuma hana fasa sabo kafin tsoho ya ƙare. Idan bambancin yana rabuwa da 9 ba saura, sau da yawa juya lambobi aka yi, kamar a rubuta 54 a wurin 45, ko 72 a wurin 27. Haka nan idan kaya suka fi abin da takarda ta nuna, kada a yi murna. Rarar ma kuskure ce: ko an rage wa mai saye kayansa, ko an rubuta fita sau biyu, ko wasu kaya sun shigo ba a rubuta ba.

Wannan misali ya nuna dalilin da ya sa sanarwar ta ambaci tsofaffin ɗabi'u da sunayensu. Da an rubuta "kowa ya kula da aikinsa", babu wanda zai ji da shi ake, domin kowa a ganinsa yana kula. Amma "zan rubuta anjima" magana ce da kowane yaron shago ya san bakinsa ya furta. Ba mugunta ke kawo ta ba. Mai saye na tsaye, ɗan dako na jira da kaya a ka, biro ya faɗi bayan buhu. Sai a ce anjima, ko a rubuta a yagaggen kwali ko a tafin hannu. Zuwa magariba an fitar da kaya iri-iri, ƙwaƙwalwa ta haɗa na wannan da na wancan. Dokar da ke aiki ita ce wadda aka ɗaure da wuri: ƙofar sito. Kaya ba sa tsallake ta sai biro ya taɓa takarda. Kuma wajibi ne manaja ya sauƙaƙa bin dokar, ya rataye takardar a bakin ƙofa, ya ɗaure biro da zare. Idan takardar tana cikin durowa a kulle a ofis, shi da kansa ya karya dokar tun kafin a fara.

Hana gogewa kan ba ma'aikata mamaki, domin a makaranta an koya musu tsabtar rubutu. A lissafin kaya, adadin da aka shafe da farin ruwa ko aka murje da biro ba ya da shaida. Ba a san me ke ƙasa ba, ba a san wa ya sauya ba. Layi ɗaya a kan kuskure yana barin tsohon adadi a bayyane, sa hannu kuma yana nuna mai gyaran. Wannan kariya ce ga mai gaskiya kafin kowa. Saboda wannan dalili ne ba a amfani da fensir. Shagon da ya koma kwamfuta ko waya ma ƙa'idar tana nan: idan kowa na iya shiga ya sauya adadin jiya ba tare da alama ba, an koma gidan jiya, sai dai a ƙara sabon layi na gyara.

Layin da ya fi kowanne nauyi a sanarwar shi ne na aro da na gidan Alhaji. Aron kaya tsakanin maƙwabta al'ada ce mai kyau a kasuwanninmu, ita ke sa mai saye ba ya komawa hannu rabbana, kuma ban ga dalilin hana ta ba. Abin da ake so shi ne a rubuta: kwali 2, aro, shagon wane, sannan ranar da suka dawo a rubuta su a gurbin shigowa. Wanda ya ji kunyar rubuta wa maƙwabcinsa aro ya tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Na gidan maigida kuwa ya fi wuya. Yaro ba zai iya tsayar da ɗan Alhaji ya ce sai an rubuta ba, sai idan ya san Alhajin ne ya ce a yi. Don haka manaja kada ya saki sanarwar sai maigida ya karanta ya yarda, kuma a faɗi hakan a fili a cikinta. A ganina ranar farko da maigida zai tsaya a ƙofar sitonsa ya jira a rubuta buhun shinkafar da zai kai gida, ta fi kowane taro tasiri a kan ma'aikata. Idan kuwa ya ɗauka ya wuce, yaran sun gane takardar tasu ce su kaɗai, kuma duk gibin da ya biyo baya za a jingina shi ga "na gida".

Batun wa'adi ya zo a taƙaice domin aikinsa a hannu yake. Hukumar NAFDAC ta wajabta sa ranar ƙarewar wa'adi a jikin kayan abinci da aka sarrafa aka kulle, don haka karantawa kawai za a yi a rubuta lokacin sauke kaya. Tsohuwar ɗabi'ar da ke jawo asara ita ce jibge sabon kaya a gaban tsoho saboda ya fi sauƙi ga masu saukewa, sai tsohon ya kwana a lungu har wa'adinsa ya wuce. Lura cewa sanarwar ta ce wanda wa'adinsa ya fi kusa, domin wani lokaci kayan da suka iso yau sun fi na watan jiya kusa da ƙarewa.

Akwai abin da aka bari da gangan: barazanar cire kuɗi daga albashi. Masu shago da yawa za su so su sa wannan layi, suna ganin shi zai sa a ji tsoro. Tsoron kuwa za a ji, amma sakamakonsa shi ne ɓoye gibi. Mai sito da ya san za a yanke masa albashi kan kwali biyu zai gyara ragowa ta dace da ƙirga, ko ya yi shiru da fatan kayan su dawo. Daga ranar takarda ta daina faɗin gaskiya, alhali gaskiyar ce kaɗai amfaninta. Ga shi kuma Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta taƙaita irin abin da mai aiki zai iya cirewa daga albashin ma'aikaci, ba abu ne da ake yi da ka ba. Shi ya sa sanarwar ta ce a kawo rahoton saɓani a ranar. Idan bincike ya tabbatar da ha'inci, wannan magana ce ta daban da za a yi da mutum ɗaya a keɓe.

Yadda sanarwar ke isa ga mutane shi ma yana da tasiri. A shaguna da yawa akwai wanda ba ya karanta boko, ko wanda ajami ya fi masa sauƙi. Manaja ya karanta ta a gaban kowa da safe kafin a buɗe, ya ɗauki shafi ɗaya ya cike layi biyu ko uku suna kallo, ya sa mai sito ya cike na gaba da hannunsa. Sannan a manna kwafi a ƙofar sito tare da shafin misali da aka cike daidai. Idan ma'aikata suna da zauren WhatsApp, a tura hotonta da saƙon murya, amma wannan ƙari ne, domin saƙon waya yakan nutse ƙarƙashin wasu cikin kwana ɗaya. 'Yan dako da direbobin da suka saba da shagon su ma a gaya musu da baki, tunda su za su fara jin jinkirin minti ɗaya a ƙofa, kuma su ne za su fi matsa wa mai sito ya bar su su wuce.

Takardar tana da iyaka, kuma gara mai shago ya san ta. Ba ta kama mutum biyu da suka haɗa baki, ɗaya ya rubuta ƙarya ɗaya ya tabbatar. Ba ta gane kwalin da aka zare leda biyu aka sake liƙewa, sai an ɗaga an ji nauyi ko an duba bakin. Ba ta nuna buhun sukari mai kilo 50 da aka tsiyaye, sai an ɗora a sikeli. Maganin waɗannan shi ne wanda ke rubutu kada ya zama shi kaɗai ke ƙirga. Ba sai an ƙirga sito duka kullum ba. A makon farko a ƙirga kayan da suka fi tafiya kowace yamma, daga baya manaja ya riƙa zaɓar kaya uku ko huɗu ba tare da sanarwa ba, ya ƙirga da kansa, ya gwada da takarda, ya sa hannu da jan biro a layin ragowa.

Makon farko ne ke nuna ko sanarwar ta shiga. Manaja ya duba shafukan da idon bincike. Idan layukan yini guda duk da biro ɗaya suke, rubutu a miƙe tsaf kamar an zauna an kwafa, to da yamma aka cike su daga ƙwaƙwalwa. Takardar da ake cikewa a bakin ƙofa takan ɗan yi datti, rubutun ya bambanta daga layi zuwa layi. Idan gurbin lalatattun kaya ya kwana bakwai babu komai a shagon da ake fasa kwali kullum, ana zubar da su ne ko ana rabawa. Idan adadin shigowa kullum daidai yake da wayabil, babu ko sau ɗaya da ya saɓa, a tsaya a ga yadda ake sauke mota ta gaba. Idan kuma kowa na barin gurbi guda a buɗe, wataƙila gurbin ne ya yi ƙanƙanta ko sunansa bai fito ba, sai a tambayi mai sito, a gyara takardar a bugu na gaba, a sake fitar da sanarwa mai layi biyu da ke faɗin gurbin da aka sauya da ranar da za a fara.